Ba Girman Wasiƙa Ke Zaɓar “Whom” Ba: Martani Ga Marubucin Muhawarar Ɗalibai Biyu

Na karanta muhawarar da wani malamin Turanci ya tsara tsakanin ɗalibai biyu, namiji da mace, a kan kalmomin *who* da *whom*, kuma na yaba da dabarar da ya bi. Sanya darasin nahawu a bakin ɗalibai ya fi shiga kai a kan jera dokoki. Sai dai hukuncin da ya yanke a ƙarshen muhawarar bai yi daidai ba, kuma ƙa'idar da ya bai wa masu karatu su tafi da ita za ta kayar da su a inda suka fi bukatar ta ɗaga su. Shi ya sa na ga ya wajaba in mayar da martani, da fatan Malam zai karɓe shi a matsayin gyara kayanka, wanda ba ya zama sauke mu raba.

Ga yadda muhawarar ta kasance a taƙaice. An ɗora wa ɗaliban biyu rubuta wasiƙar shaida da ƙungiyarsu za ta aika wa masu ba da tallafin karatu, sai suka yi karo a kan jimla guda: *She is the student who we believe deserves the scholarship.* Ma'anarta: ita ce ɗalibar da muke ganin ta cancanci tallafin. Ɗalibar ta rubuta *who*. Ɗalibin ya ce a soke a sa *whom*. Suka yi ta ja-in-ja, daga ƙarshe Malam ya bai wa ɗalibin gaskiya, ya kafa hujjoji uku. Na farko, wasiƙar ta hukuma ce, kuma *whom* ita ce ta rubutun hukuma, *who* ta hira ce. Na biyu, idan wakilin suna irin su *we* ko *I* ko *they* ya biyo bayan gurbin, *whom* ake sawa, idan kuwa aikatau ne ya biyo baya, sai a sa *who*. Na uku, ɗalibar da ake magana a kanta ita ce karɓau na *believe*, wato a kanta aikin yarda ya sauka. Ya rufe da shawarar cewa duk wanda ya shiga kokwanto a rubutun hukuma ya zaɓi *whom*, ba zai ji kunya ba.

Ni kuwa na ce ɗalibar ce ke da gaskiya, kuma zan bi hujjojin Malam ɗaya bayan ɗaya.

Mu fara da batun rubutun hukuma, domin shi ne tushen ruɗanin. Bambancin *who* da *whom* tun asali bambanci ne na aiki a cikin jimla, daidai da bambancin *he* da *him*, ko *they* da *them*. Harafin *m* da ke ƙarshen *whom* shi ne na ƙarshen *him* da *them*. A tsohon Turanci, fiye da shekara dubu da suka wuce, kalmar tana sauya siga gwargwadon matsayinta: *hwa* ga mai aikatawa, *hwone* ga wanda aiki ya faɗa wa kai tsaye, *hwam* ga wanda aka yi wa ko aka bai wa. Da tafiya ta yi tafiya *hwone* ta ɓace, *hwam* ta gaje aikinta, ita ce ta zama *whom* ta yau. Duk wanda ya taɓa zama gaban malamin nahawun Larabci ya san irin wannan: fa'ili da wasalinsa, maf'uli da nasa, kuma ba a sauya wa fa'ili wasali don kawai ana rubuta wa sarki takarda.

Gaskiyar da ke cikin maganar Malam rabi ce. A bakin Turawa na yau, *who* ta mamaye gurbin karɓau, har *Who did you see?* ta zama maganar yau da kullum, masu ilimi da marasa ilimi. Tun a 1921 masanin harshe Edward Sapir, a littafinsa *Language*, ya lura da yadda *whom* ke ja da baya a irin wannan tambaya, ya kuma yi hasashen za ta gushe daga cikinta. Saboda haka idan aka zo rubutun hukuma, akan maido da *whom* gurbinta na karɓau, a rubuta *Whom did you see?* Abin lura shi ne, rubutun hukuma yana maido wa *whom* gurbin da dama nata ne. Bai taɓa ba ta gurbin aikau ba. Babu wata wasiƙa, komai girman ofishin da za ta shiga, da za a rubuta *Whom is coming?* a cikinta a ce an yi daidai. Ke nan tambayar farko ita ce: mene ne aikin kalmar a jimlar? Sai an tabbatar karɓau ce sannan tambayar hukuma ko hira take tasowa. Malam ya fara da ta biyu, ya tsallake ta farko.

Yanzu mu zo ga jimlar kanta, mu warware ta a hankali. Mu ajiye *She is the student* gefe guda, domin ba a nan rigimar take ba. Abin da ya rage shi ne gangar da ke siffanta ɗalibar: gurbi, sannan *we believe deserves the scholarship*. A cikin wannan ganga akwai aikatau biyu, *believe* da *deserves*. Dokar Turanci ce cewa kowane aikatau mai ɗauke da lokaci yana da aikau nasa. *Believe* ya samu nasa, wato *we*. To, ina na *deserves*? A duba hagu a duba dama, babu wata kalma da ta rage sai wadda ke cikin gurbin. Idan aka sa *whom*, aka ce ta tafi wurin *believe* a matsayin karɓau, an bar *deserves* ba mai aikata shi. Harafin *s* da ke ƙarshen *deserves* ma shaida ne: yana nuna aikatau ɗin ya dace da aikau tilo, kuma wannan aikau shi ne *who*.

Wanda bai gamsu ba, ya mayar da gangar jimla mai zaman kanta, ya sa wakilin suna a gurbin. Za a ce *We believe she deserves the scholarship.* Ba za a ce *We believe her deserves the scholarship* ba. Da namiji ne, *he deserves* za a ce, ba mai cewa *him deserves*. Duk inda *he* ko *she* ta zauna, *who* ce. Inda *him* ta zauna, *whom* ce. Da ɗalibin nan ya yi wannan gwaji na minti ɗaya, da muhawarar ta ƙare tun a sakin layi na biyu.

Wannan kuma shi ke rushe hujjar Malam ta uku. Abin da *we* suka yarda da shi ba ɗalibar ba ce. Magana ce suka yarda da ita, wato cewa ta cancanci tallafin. Karɓau na *believe* shi ne gangar gaba ɗayanta, ita kuwa ɗalibar aikau ce a cikin wannan ganga. Akwai bambanci tsakanin “mun yarda da ita” da “mun yarda ta cancanta”, kuma mai jin Hausa ba ya bukatar a yi masa dogon bayani a kansa. Hasali ma Hausa ta fi Turanci fito da abin fili. Muna cewa “ɗalibar da muke ganin ta cancanta”. Wannan “ta” da ke gaban “cancanta” tana tsaye tana shaida cewa ɗalibar ce aikau. Kwatanta da “ɗalibar da muka zaɓa”, inda aikin zaɓe ya sauka a kanta, kuma babu “ta” ɗin aikau a ko'ina. Ta farko ita ce *who we believe deserves*, ta biyu ita ce *whom we selected*. Turanci ba ya maimaita wakilin suna a wannan wuri kamar yadda Hausa ke yi, shi ya sa gurbin ke ɓoyuwa ga ido. Ɗalibin da ya fassara jimlar a ransa ya nemi “ya” ko “ta” ko “sun” a gaban aikatau na ƙarshe, ya riga ya samu rabin amsa.

Akwai yanayin da ɗalibin zai yi gaskiya, kuma kamata ya yi Malam ya nuna shi, domin a nan darasin yake da daɗi. Da an rubuta *She is the student whom we believe to be the best*, to *whom* ce daidai. Dalili kuwa, *to be* ba aikatau ba ne mai ɗauke da lokaci, kuma idan aka mayar da gangar jimla sai a samu *We believe him to be the best*, da *him*. Sauya *to be* zuwa *is*, nan take jimlar ta koma *We believe he is the best*, gurbin ya koma na *who*. Ma'anar jimlolin biyu kusan ɗaya ce, wasiƙar ɗaya ce, ofishin da za a kai ta ɗaya ne, amma amsar ta bambanta. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa ginin jimla ke yanke hukunci.

Hujjar Malam ta biyu ita ce ta fi damuna, saboda sauƙin haddarta. Duba kalmar da ke biye: wakilin suna, sa *whom*, aikatau, sa *who*. Ƙa'ida ce da ke aiki a gajerun jimloli, irin su *the man whom we met* da *the man who met us*, kuma da yake tana aiki a nan, ɗalibi sai ya amince mata ya daina tunani. Amma tana faɗuwa a wurare biyu da suka cika rubutun hukuma. Na farko shi ne wanda muka gani: duk lokacin da aka cusa *we believe*, *I think*, *they say*, *the police allege*, *the committee feels* tsakanin gurbin da aikatau ɗinsa. Rahotannin kwamiti da labaran kotu cike suke da irin wannan gini, domin marubuci yana son ya jingina magana ga mai ita. Ɗan jaridar da ya rubuta *the man whom the police said stole the car* ya bi ƙa'idar Malam sau da ƙafa, kuma ya yi kuskure, domin abin da 'yan sanda suka ce shi ne *he stole the car*. Wuri na biyu shi ne gaban aikatau *be*. A *I know who she is*, wakilin suna ne ke biye da gurbin, amma *who* ce daidai, saboda *is* ba ya ɗaukar karɓau. Mai bin ƙa'idar Malam zai rubuta *I know whom she is*, ya ɗauka ya burge.

Haka abin yake ga *whoever* da *whomever*. Mutum ya ga *to* sai hannunsa ya tafi ga *whomever*, ya rubuta *Give the form to whomever comes first.* Amma *comes* yana neman aikau, kuma abin da *to* ta riƙe shi ne gangar duka. Daidai shi ne *to whoever comes first*. Ciwon ɗaya ne a duk misalan: duban maƙwabciyar kalma maimakon duban aikin da kalmar ke yi a gangarta.

Ba zan ɓoye hujjar da ta fi ƙarfi a ɓangaren Malam ba, ko da yake shi bai kawo ta ba. Sa *whom* a irin wannan gini tsohon abu ne a Turanci. Yana cikin wasan Shakespeare mai suna *The Tempest*. Yana cikin fassarar Baibul ta Sarki James ta 1611, a Matiyu sura 16, kafin masu bitar fassarar a 1881 su mayar da shi *who*. Masanin harshe ɗan ƙasar Denmark, Otto Jespersen, ya kare shi a ratayen littafinsa *The Philosophy of Grammar* na 1924, ya tara misalai daga manyan marubuta. Akwai ma dalilin da ya sa kunne ke karɓarsa. A Turancin daidaitacce ana iya jefar da *whom* a ce *the man we met*, amma ba a jefar da *who* a ce *the man met us* da nufin siffantawa. To a jimlarmu ana iya jefar da kalmar a ce *the student we believe deserves the scholarship*, jimlar ta tsaya daram. Wato gurbin yana da wata ɗabi'a irin ta karɓau, shi ya sa har haifaffun masu harshen ke zamewa zuwa *whom*.

Na yarda da duk wannan. Amma mu ga iyakar abin da ya tabbatar. Ya tabbatar cewa wanda ya rubuta *whom* a nan yana da abokan tafiya masu daraja, bai kamata a mayar da shi jahili ba. Bai tabbatar cewa *who* kuskure ce ba, kuma wannan shi ne abin da Malam ya koyar. Masu kare *whom* a wannan gini neman a ba ta wurin zama kusa da *who* suke yi. A ɗaya ɓangaren kuma, masu tsaurin ra'ayi sun daɗe suna sukar *whom* ɗin: Robert Lowth ya soki ta cikin fassarar Baibul a nahawunsa na 1762, H. W. Fowler ya ƙirga ta kuskure a ƙamusunsa na amfani da Turanci na 1926, kuma littattafan koyar da rubutu sun bi sahunsu. Lissafin a bayyane yake. Idan ka rubuta *who we believe deserves*, mai sassauci da mai tsauri duk sun amince. Idan ka rubuta *whom*, mai sassauci ya yi maka uzuri, mai tsauri ya ja maka jan biro. Wasiƙar neman tallafi kuwa ba ka san hannun wa za ta faɗa ba. Ɗalibar ta zaɓi abin da ba mai tuhumarsa, Malam ya karɓe mata, ya ba ta abin da ake jayayya a kansa, ya kuma ce mata shi ne mafi aminci.

A nan ne shawararsa ta ƙarshe ta zama haɗari. Cewa a zaɓi *whom* idan an shiga kokwanto ya juya ma'aunin kan ƙasa. *Who* a gurbin karɓau, kamar *the man who we met*, mafi munin abin da za a ce mata shi ne ta yi kama da hira, kuma masu karatu da yawa ba za su ma lura ba. *Whom* a gurbin aikau kuwa tana nuna marubuci ya yi ƙoƙarin nuna gwaninta a kan dokar da bai riƙe ba. Garin gyaran gira ke nan a rasa ido. Ɗalibanmu da ke zana jarrabawar WAEC da NECO da JAMB suna haɗuwa da tambayoyin cike gurbi inda *who* da *whom* ke jere cikin zaɓi, kuma mai tsara tambaya yana neman ya ga ko ɗalibi ya gane aikin kalmar. Wanda aka koya wa cewa *whom* ita ce ta manya zai zaɓe ta da ƙarfin gwiwa ya faɗi, bai ma san dalilin faɗuwarsa ba.

Domin kada a ce na ƙwace wa *whom* haƙƙinta, ga inda ba ta da abokiyar takara. Idan ta zo kai tsaye bayan kalmomi irin su *to*, *for*, *with*, *from*, *of*, kuma ita kaɗai suka riƙe, dole ce: *the officer to whom I wrote*, *the students, many of whom passed*. Ba a cewa *to who I wrote*, ba a cewa *many of who*. Ita ce kuma ke cikin buɗin wasiƙar nan da kowa ya sani, *To whom it may concern*, inda *it* ne aikau na *concern*, *whom* kuma karɓau. Sannan a rubutun hukuma ita ce ta fi dacewa a gurbin karɓau na zahiri, kamar *the candidate whom we interviewed*. Waɗannan wurare sun ishe ta. Ba ta bukatar a ƙara mata da gurbin da ba nata ba.

Abin da nake so a koya wa ɗalibai a maimakon ƙa'idar duba kalmar da ke biye bai fi matakai huɗu ba. Ka yanke gangar da ta fara da gurbin, ka manta da sauran jimlar. Ka ƙirga aikatau masu ɗauke da lokaci da ke cikinta, ka haɗa kowanne da aikau nasa. Idan wani ya rasa, gurbin nasa ne, amsar *who* ce. Idan kowanne ya samu, ka mayar da gangar jimla ka gwada *he* da *him*, ka fi son su a kan *she* da *her* saboda *m* ɗin *him* yana tuna maka da *whom*. Daga nan ne, idan *him* ta zauna, za ka tambayi kanka ko hira kake rubutawa ko takardar hukuma. Mu gwada da sabuwar jimla: *the teacher ___ the principal said the students respect*. Aikatau biyu ne, *said* da *respect*. Na farko yana da *the principal*, na biyu yana da *the students*. Ba wanda ya rasa aikau, kuma abin da shugaban makarantar ya ce shi ne *the students respect him*. Amsar *whom* ce. Yanzu a sauya ƙarshen zuwa *said respects the students*. *Respects* ya rasa aikau, abin da aka ce shi ne *he respects the students*, amsar ta koma *who*. Kalmar da ke biye da gurbin ba ta sauya ba a jimlolin biyu, amsar ce ta sauya, kuma ƙa'idar Malam ba ta da hanyar ganin wannan bambanci.

Akwai abu na ƙarshe da ya taɓa ni a muhawarar, wanda ya wuce nahawu. Ɗalibar ta faɗi dalilinta daidai. Ta ce a cire *we believe* a ga abin da ya rage, wato *the student who deserves the scholarship*. Ɗalibin bai amsa wannan ba. Ya koma ga cewa *whom* ta fi nauyi a kunne kuma ta fi dacewa da ofis, Malam kuma ya bar shi ya ci nasara da haka. Wannan yana koya wa yara cewa a gardamar ilimi kalmar da ta fi ƙwarjini ita ke rinjaye, mai hujja kuma ya yi shiru. A ajin Turanci, inda da yawan ɗalibanmu dama suke ɗari-ɗari da harshen, suna ganin duk abin da ya fi wuya shi ne daidai, irin wannan darasi yana kashe musu amincewa da tunaninsu.

Roƙona ga Malam shi ne ya sake rubuta ƙarshen muhawarar. Ya bar ɗalibin ya kawo duk hujjojinsa, har da Shakespeare da Jespersen idan ya so, domin masu karatu su san cewa batun yana da tarihi. Amma ya sa shi ya amsa tambayar da hujjar ɗalibar ta haifar: idan *whom* ta tafi wurin *believe*, wa ya rage wa *deserves*? Idan ba shi da amsa, a aika wasiƙar da *who* kamar yadda ta rubuta, kuma a gaya wa masu karatun da suka haddace ƙa'idar farko cewa an janye ta, tun kafin su shiga ɗakin jarrabawa da ita.